Layi Biyu a Zane Ɗaya: Laccar da Aka Gabatar wa Ɗalibai da 'Yan Kasuwa a Jos

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan giraf mai layi, irin wanda ake turo muku a waya, layi ya miƙe sama, a ce ga hujja.

Na farko, kuma shi ne ya fi damuna: zane mai ma'auni biyu, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Bari mu ƙirƙiri misali a kan allo. Lambobin nawa ne, kada wani ya je kasuwar Farin Gada gobe ya ce Malam ya yanke farashi. A ce buhun dankalin turawa daga Bokkos yana naira 40,000 a watan Janairu, zuwa Yuni ya kai 44,000. A ce kuɗin motar buhu ɗaya kuma ya tashi daga 1,000 zuwa 2,000. Wanne ya fi tashi? Eh, Hajiya ta faɗa. Kuɗin mota ninkawa ya yi, dankali kuwa kashi 10 cikin 100 kacal ya ƙara.

To ku dubi abin da mai zane zai yi. Ma'aunin hagu na dankali, ya fara shi daga 39,000 ya tsaya a 45,000. Tsayin zanen gaba ɗaya naira 6,000 ke nan, dankali kuma ya ƙara 4,000, saboda haka layinsa zai haye kashi biyu cikin uku na tsayin takardar. Ma'aunin dama na kuɗin mota, ya fara daga sifili zuwa 3,000. Ƙarin 1,000 zai haye kashi ɗaya cikin uku kawai. Kun gani? Abin da ya ninka ya fito a kwance-kwance, abin da ya ɗan motsa ya fito yana hawan dutsen Shere. Kuma ba lamba ɗaya ta ƙarya a ciki. Ko ɗaya! Ku sake dubawa, ko ɗaya babu.

Ban gama da shi ba. Layin dankali ya fara a ƙasan na mota, ya ƙare a samansa, dole su gitta juna a tsakiya. Sai mai gaggawa ya ce, "A nan ne dankali ya wuce kuɗin mota." Ya wuce shi ina? A wurin da suka haɗu, dankali yana 42,000, mota tana 1,500. Mai zane ne ya haɗa su. In ya mayar da ma'aunin hagu ya fara daga sifili zuwa 50,000, layin dankali zai koma can sama kusan a miƙe, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ni dai a ganina, duk mai nuna muku mahaɗar layuka biyu masu ma'auni daban-daban yana cewa ga lokacin da abu ya juya, ko bai san aikin ba, ko ya san shi sosai. Kuna dariya, amma na biyun ya fi haɗari.

Maganinsa mai sauƙi ne. Ku ɗauki farashin Janairu na kowanne a matsayin 100. Dankali ya tashi daga 100 zuwa 110, mota daga 100 zuwa 200. Ma'auni ɗaya, magana ta ƙare.

Na biyu, lokaci ya tafi, layin kwance na ƙasa. In an rubuta 2000, 2010, 2020, 2021, 2022 da tazara iri ɗaya, an matse shekara goma a gurbin shekara ɗaya, gangaren layin ba ya gaya muku saurin komai. Ku karanta shekarun da baki. Na uku... akwai hannu a can. Bismillah, Alhaji.

Alhaji yana tambaya ko duk zanen da bai fara daga sifili ba yaudara ne. A'a, ranka ya daɗe. Zafin jikin mara lafiya ya tashi daga digiri 37 zuwa 39, zazzaɓi ne na gaske. In nas ta zana shi daga sifili, layin zai fito kusan a miƙe, likita ya wuce bai lura ba. A nan yanke ma'aunin shi ne daidai. Zane mai sanduna ne dole ya fara daga sifili, domin tsawon sandar ido yake aunawa.

Me ka ce, Alhaji? Wai kai naira kake ƙirgawa, ba kashi ba? Gaskiyarka. A naira, dankali ya ƙara 4,000, mota 1,000. In dillali ya ce kuɗin mota ne ya sa buhu ya tashi, ka ce masa mota ta ci kashi ɗaya cikin huɗu, ya kawo bayanin sauran 3,000. An kira sallah, mu tashi.