Yadda za ka sa wa hotuna sunan mutum da na wuri, nema ya yi sauƙi

Assalamu alaikum, masu kallo. Mai ɗaukar hoton biki a Sakkwato ya san wannan: bayan shekara uku wani zai sallamo shago ya ce, "Malam, hoton kakarmu nake so, wanda ka ɗauka a bikin Mabera, Allah ya yi mata rasuwa." Kwamfuta kuwa ba abin da ta sani sai `IMG_4417`. Yau za mu sa wa hotuna alama a manhajar Lightroom Classic, yadda suna ɗaya zai fito da su.

A sashen `Library`, ku dubi hannun dama na allo, wurin da aka rubuta `Keyword List`. Kafin mu taɓa hoto ko ɗaya, mu danna alamar `+` mu kafa uwaye biyu, Mutane da Wurare. Duk sauran alamomi a ƙarƙashinsu za su zauna. Cikin Wurare a sa Sakkwato, cikin Sakkwato a sa Mabera, Runjin Sambo, Hubbaren Shehu. Wurno da Tambuwal kowanne reshensa daban. A akwatin `Keywording` ma ana iya rubuta shi kai tsaye:

```
Wurare > Sakkwato > Mabera
```

Amfanin wannan jeri shi ne, hoton da ka sa wa Mabera kaɗai zai fito in ka nemi Sakkwato, ba sai ka rubuta duka biyun ba.

To ga hotunan bikin nan. An ɗaura aure a masallaci, an yi walima a gida. Ka fara da sunan wuri, don shi ake sawa a dunƙule. Danna hoton farko na gidan, riƙe `Shift`, danna na ƙarshe, sai ka sa maki a gefen Mabera. Shi ke nan, an gama da sunan wuri.

Mutane ne ke cin lokaci, kuma a nan ake yin ɓarna. Kwamfuta ba ta san cewa Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne ba. Yau ka rubuta Hajiya Inna, gobe yaron shagonka ya rubuta Inna, jibi a rubuta Haj. Inna, ka ga tsohuwa ɗaya ta rabu gida uku, kowace alama kashi ɗaya za ta kawo maka. Saboda haka kowane mutum a ba shi suna ɗaya tak, da abin da zai bambanta shi da takwarorinsa: sunan uba, ko unguwa. Aminu nawa ne a biki ɗaya? Ni ba na sa Alhaji ko Hajiya cikin alamar, don wanda yake Malam bana yana iya zama Alhaji baɗi. Laƙabi da sunan gida kuwa suna da wurinsu: danna sunan sau biyu, ka zuba su a layin `Synonyms`. Nan ne kuma za ka sa Sokoto a ƙarƙashin Sakkwato, da Kofar Marke mara lanƙwasa a ƙarƙashin Ƙofar Marke, saboda ba kowane allon rubutu ke da ƙ ba.

Ta yaya za ka gane an riga an yi ɓarnar? Dubi lambar da ke gefen kowace alama, ita ce yawan hotunan da ke ɗauke da ita. In ka ga suna biyu masu kama, ɗaya da hoto sittin ɗaya da biyu, mai biyun kuskure ne. Danna 'yar kibiyar da ke gefensa, hotunan su fito, zaɓe su duka da `Ctrl+A`, sa musu sunan gaskiya, sannan ka goge na kuskuren. Haka kuma in ka zaɓi hotuna da yawa ka ga tauraro a ƙarshen suna cikin `Keywording`, yana nufin wasu daga ciki ne kawai ke da sunan.

Mu gwada. Danna `\`, zaɓi `Text`, rubuta Inna Mabera, a bar shi a kan `Contains All`. Ga ta nan, zaune a kan darduma tsakiyar jikoki.

Wani abu da ake mantawa: alamomin nan cikin kundin Lightroom suke, ba cikin hotunan ba. In kwamfuta ta lalace ba ka ajiye kwafin kundin ba, wahalar ta tafi a banza. Zaɓi hotunan ka danna `Ctrl+S`. A JPEG za a rubuta su cikin hoton kansa, ɗanyen hoton kyamara irin CR2 ko NEF kuwa za a ajiye masa ɗan fayil `.xmp` a gefe, kada ka raba su in za ka kwashe.

Amma tunda suna na iya bin hoto, a kula da hotunan matan gida da yara. Kafin ka fitar da hoton da za a sa a intanet, buɗe sunan mutumin ka cire makin `Include on Export`. Za ka ci gaba da nemansa a kwamfutarka, wanda ya sauke hoton kuma ba zai ga sunan ba.