Madarar shanu, ta gari da ta gwangwani: ina bambancin yake?

Jama'a, assalamu alaikum. Ga kofin madara da aka tatso yanzu daga saniya. Cikin kashi 100, kusan 87 ruwa ne. Ragowar shi ne maiƙo, da furotin, da sukarin madarar, da gishirin ma'adinai irin su kalsiyam. Wannan ruwan shi ke sa ta saurin lalacewa, domin a cikinsa ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Duk madarar da kuke gani a kanti, abin da aka yi wa ruwan ne ya bambanta ta da 'yar'uwarta.

Madarar shanu tana nan da ruwanta. A masana'anta ana ɗumama ta zuwa digiri 72 na tsawon daƙiƙa 15, a sanyaya nan take, sai ta yi 'yan kwanaki a firji. Ta kwali wadda ke watanni ba firji, wutar da ta sha ta kai digiri 135 ko fiye. Idan daga ruga aka kawo muku, ku tafasa kafin ku sha, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu.

Yanzu ga gwangwani biyu, kuma nan ne ake yawan rikicewa.

Na farko madarar ruwa ce, wadda mai shayi ke huda wa ƙofa biyu. An cire mata kusan kashi 60 na ruwanta a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, don ta tafasa ba tare da zafi mai yawa ba. Sai a zuba a gwangwani, a rufe, a dafa gwangwanin kansa a kan digiri 115 zuwa 120 na kimanin minti 15. Wannan dahuwar ce ta sa launinta ya ɗan yi ƙasa-ƙasa, ta kuma ba ta ƙamshin nan da masu shan shayi suka saba da shi. Ba a sa mata sukari. Wuta ce ta tsare ta, saboda haka da an huda gwangwanin, kariyar ta ƙare. A juye ragowar a mazubi mai murfi, a sa a firji, a shanye cikin kwanaki kaɗan. Gwangwanin da ya kumbura kuwa, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Na biyu ita ce mai kaurin nan mai zuba a hankali kamar zuma. Ita ma an rage mata ruwa, amma an ɗura mata sukari har kashi 40 zuwa 45 na nauyinta. Ba a yi mata waccan doguwar dahuwa a gwangwani. Sukarin ne ke riƙe ruwan da ya rage, ƙwayoyin cuta su kasa amfani da shi. Wani Ba'amurke, Gail Borden, ya yi rajistar hanyar kaurara madara a 1856, lokacin da babu firji a gidaje. A ganina wurinta yana ɓangaren kayan zaƙi: alewa, kek, ko kofi ga mai son zaƙi sosai.

Madarar gari ita ce aka kai ƙarshe. Bayan an kaurara ta, sai a fesa ta cikin doguwar hasumiya mai iska mai zafi, ta bushe tun kafin ta sauka ƙasa. Ruwan da ya rage bai wuce kashi 5 ba. Abokin gabarta damshi ne. Idan ta dunƙule ko ta fara warin tsohon mai, ta fara tashi daga aiki. Ku kuma duba jerin kayan haɗi, domin da yawa daga cikin masu araha an cire musu maiƙon madarar an maye shi da man tsirrai.

To, a ce Hajiya za ta haɗa yogot na fura, tana buƙatar lita ɗaya. Da ta gari, giram 125 zuwa 130 za ta auna, ta dama da ruwa mai tsabta kaɗan har ya yi sumul, sannan ta cika shi lita. Idan tana son ya kama sosai, ta ƙara garin. Da madarar ruwa, rabin lita madara, rabin lita ruwa, amma kuɗin zai fi yawa. Mai sukarin kuwa, in aka sirka ta har ƙarfinta ya yi daidai da na madarar shanu, zaƙin ya riga ya yi yawa, kuma yawan sukari na rage wa ƙwayoyin da ke tsinka madara kuzari.

Sai magana kan jarirai. Duka huɗun nan, babu wadda ke maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai ta musamman ga yaron da bai cika shekara ba. Mai sukarin ce ta fi haɗari, domin za ta cika wa yaro ciki alhali furotin ɗin da ya samu bai ishe shi ba.