Tsutsa ba ta ƙirga kwana, zafi take tarawa

Tun jiya nake ganin ana ta yaɗa maganar nan wai likita na duba tsutsar da ke jikin gawa kawai sai ya ce mutumin nan Talata ya rasu ƙarfe kaza. To a'a, ba haka abin yake ba, kuma in kana cin abinci ka ɗan ajiye cokali tukuna.

Farkon dai kowa ya sani. Koren ƙudan nan mai sheƙi shi ke fara zuwa, wani sa'in cikin 'yan mintoci, ya saka ƙwai a ido, hanci, baki ko inda rauni yake. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi saɓa sau biyu, ta ƙoshi, ta bar gawar ta shige ƙasa ta zama ƙwanso. Sai can gaba ƙwarin da ke cin busasshiyar fata su iso. Wannan jerin zuwan nasu yana da amfani in an yi makonni, amma a kwanakin farko tsutsa ce agogo.

Ga inda ake rikicewa. Tsutsa ba ta da ɗumin jiki nata na kanta, da zafi take girma, in an yi sanyi ta yi ta jan jiki, in sanyin ya kai wani mataki ma ta tsaya cak. Wannan matakin kowane irin ƙuda da nasa, ga irin koren ƙudan da ake kira Lucilia sericata, galibi digiri 10 ake ɗauka. Don haka abin da ake tarawa shi ne rarar zafin da ya haura 10 ɗin nan a kowace rana.

```
ADD = (T - T0) x kwanaki
```

ADD jimlar rarar zafin da aka tara, T matsakaicin zafin ranar, T0 matakin da girma ke tsayawa. Shi ke nan fa lissafin.

Bari mu ƙaddara misali. An tsinci gawa Juma'a da safe, an ɗebo tsutsa mafi tsufa, an duba ƙofofin numfashinta na baya an ga tsaga uku uku, wato ta shiga mataki na uku. A ce jadawalin ɗakin gwaji ya nuna sai ta tara 60 take kai girman nan. Sai mu koma da baya. Alhamis zafi 25, a cire 10, saura 15. Laraba 22, saura 12, mun kai 27. Talata 18, saura 8, jimla 35. Litinin kuma aka wuni ana ruwa da sanyi, digiri 9. Nan ne ɗalibai ke rubuta a debe 1, don Allah tsutsa ta taɓa komawa jaririya? Sifiri ne, muna nan a 35 ɗinmu. Lahadi 20, mun kai 45. Asabar 25, sittin cif. Kenan Asabar aka saka ƙwan, kwana shida.

Wanda ya yi gaggawa ya ɗauki 25 kawai ya raba 60 da 15, kwana huɗu zai samu, ya ce Litinin. Kwana biyu sun salwanta, kuma a kotu kwana biyu na iya wanke mai laifi ko su ɗaure wanda ma baya gari.

Shi kansa zafin daga ina aka samo shi? Daga tashar auna yanayi mafi kusa, wadda ƙila tana fili fetal alhali gawar na cikin inuwa ko ɗaki a rufe. Shi ya sa ake barin na'urar auna zafi a wurin na 'yan kwanaki, a gwama da na tashar a gyara. Sannan ga curin tsutsotsin, in sun dunƙule wuri guda suna tafasa kansu ne, tsakiyarsu kan zarce iskar waje da digiri goma ko fiye, sai a soka ma'auni a ciki. Ni a ganina nan ne lissafi ya fi yin rauni. Tsayin tsutsar ma yana yaudara, wadda ta ƙoshi ta fara yawo tana tsukewa, haka in aka jefa ta barasar asibiti da ranta, shi ya sa ake fara tsoma ta a ruwan zafi.

Kuma Asabar ɗin da muka samu ranar da ƙuda ya saka ƙwai ce. In an naɗe gawar a bargo, ko an kulle ta a but ɗin mota, ko da dare abin ya faru lokacin da ƙudaje galibi ba sa saka ƙwai, mutuwar ta riga Asabar. Abin da masanin zai rubuta a rahoto shi ne aƙalla kwana shida, sauran kuma aikin 'yan sanda ne su gano yaushe ƙuda ya samu hanyar shiga.