Rubutun talla ɗaya, daga rediyo zuwa TikTok da Status

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, tun safe babu wuta a nan Zoo Road.

Aikin da ke gabana yau na wani Alhaji ne mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Mun yi masa tallar rediyo ta sakan 60, ta yi masa daɗi, sai ya kira ni ya ce, "Malam, waccan ɗin dai za ka ɗora min a TikTok da WhatsApp, ka sa hotunan kaya a kai." Na ce ranka ya daɗe, maganar dai ita ce, amma ba za ta zauna a yadda take ba. To shi ne na ce bari in kunna kyamara mu yi tare.

Ga rubutun rediyon. Ya fara da "Albishirinku jama'ar Kano da kewaye", sai kirarin shago, sai jerin kaya, sai farashi, sai kwatancen layi da lambar shago, sai lambar waya sau biyu. Na ƙirga kalmomin, 130 ne da 'yan kai. Ni a bakina kalma biyu da ɗan ɗoriya nake yi a sakan ɗaya, kai ma ka ɗauki agogo ka auna naka, don mai karanta talla da sauri irin na masu maganin gargajiya lissafinsa daban. Da wannan awon, sakan 30 kalma 65 ne, sakan 15 kuma bai wuce kalma 32 ba. Tun a takarda za ka san abin da zai shiga, ba sai ka je kana ƙara wa murya gudu a CapCut har Alhaji ya ji kamar zabiya ba.

Kuskuren da na yi farkon shigata wannan sana'a shi ne in yanke daga ƙarshe. Ka ga abin da ke ƙarshe kuwa shi ne farashi da inda shago yake. Sai ka bar mutum da albishir da kirari, ba ka gaya masa me ake sayarwa ba. Yanzu abin da nake yi, in raba rubutun gida-gida: jan hankali, kaya, farashi, wuri, sai abin da nake so mai kallo ya yi. Kowane dandali sai in tambayi kaina, wanda zai ga wannan, ya san mu ko bai san mu ba, kuma kunnensa a buɗe yake?

Mai rediyo yana cikin Adaidaita ko yana ɗinki, hannunsa ba ya kan tasha, zai jira ka gama sallama. Kuma ba ya ganin komai, shi ya sa ake maimaita lamba. Mai TikTok yatsansa a kan gilashi yake. Kana cewa "albishirinku" ya wuce, ko "goro" ba zai tsaya ya ce maka ba. Saboda haka na ɗauko farashi daga tsakiya na kawo shi gaba. Ku ji yadda ta koma:

"Wannan atamfar turmi naira 15,000 ce, kuma ba ta zuba. Kala takwas muka sauke jiya. Muna Kantin Kwari a Kano, muna aikawa Kaduna, Zariya, har Maradi. Lambarmu tana kan hoton nan."

Kalma 31 ke nan. Kun lura na sa "a Kano", wanda a rediyo ba mu buƙata. Wanda bidiyon zai faɗo masa a TikTok baƙo ne, mai yiwuwa yana Nijar ko Legas, dole ya ji inda kake da ko kana aikawa. Kwatancen layi kuwa na cire shi ɗungurungum, wanda ya kira a yi masa kwatance. Hoton farko kuma hannu ne yana warware atamfa, ba allon shago ba. Alhaji ya so allonsa ya fara fitowa, mun ɗan ja, daga baya ya haƙura.

Bari in buɗe aikin. Ratio a 9:16, wannan kun sani. In sa Split a nan... a'a, tsaya, na yanke kan kalmar "zuba", bari in koma baya kaɗan. Yawwa.

To ga wurin da ya taɓa wahalar da ni, ku ba ni hankalinku. Lambar waya kada ka sa ta a can ƙasa, kada kuma ka manna ta gefen dama. A CapCut za ka gan ta tas, amma da ka ɗora, sunan shafinka da bayanin bidiyo za su hau kanta daga ƙasa, alamomin so da sharhi su rufe ta daga dama. Na taɓa yi wa wata Hajiya mai turaren wuta haka, kwana uku bidiyo yana yawo, lambobi biyu na ƙarshe a ɓoye, tana ta cewa talla ba ta ci ba. Ka ɗago rubutun zuwa tsakiya, ɗan sama da tsakiyar ma ya fi, kuma ya zauna daga farko har ƙarshe. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ne yake da su ba. Wani zai nuna maka akwati, wani ya canza wa harafin siffa shi kaɗai a tsakiyar kalma. Ni kafin in zaɓi salo sai na rubuta "ƙwarai ɗinki ɓarna" na duba. Mai kallo a Facebook da yawa ba ya buɗe murya, yana cikin mutane ne, rubutun nan shi ne duk tallar a wurinsa. Shi ya sa na Facebook wannan bidiyon nake ba shi, sai dai in rubuta kowace jimla a kai, kwatancen shago kuma ya tafi cikin bayanin da ke saman bidiyo.

Status na WhatsApp kuwa ya fi kowanne sauƙi, mutane ne suke wahalar da shi. Ba mai ganin Status ɗinka sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. To me za ka gaya masa lamba? Me za ka gaya masa sunan shago? Kwastomanka ne. Na share waɗannan duka, abin da ya rage: "Sababbin kala takwas sun sauka, turmi 15,000. Ki ɗauki hoton wadda kike so ki turo min." Sakan 8. Na ce "ki" don yawancin masu sayen Alhaji ta waya mata ne, ya gaya min da bakinsa. A da Status sakan 30 ne iyakarsa, a 2024 aka ƙara zuwa minti ɗaya, amma kada wannan ya ruɗe ka, mai kallo taɓa gilashi kawai yake ya wuce. Kuma don Allah kada ka sauke na TikTok ka ɗora a Status, tambarinsu zai biyo shi, ga WhatsApp zai ƙara matse shi har zanen atamfar ya dushe. Ka yi Export daban daga CapCut.

In Alhaji ya ce zai biya kuɗi a YouTube, wannan 16:9 ne, kuma Skip yana fitowa bayan sakan 5, to a nan ne kaɗai nake yarda sunan shago ya riga farashi. Bai kai can ba tukuna.

Mai son takardar da nake raba rubutu gida-gida a kanta, ina ba ɗalibaina a ajin ranar Asabar, kujera huɗu suka rage. Bari in tura wa Alhaji na Status ɗin yanzu kafin a kira La'asar ya rufe waya.