Darasi: wace takarda ce za a ɗora a intanet, wacce kuma ba a ɗorawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. A ce mai shago ne a kasuwar Wunti da ke Bauchi, an turo masa mahaɗa ta neman rance, shafin ya ce ya ɗora takardar NIN, da bayanan asusun banki na wata shida, da hoton katin ATM gaba da baya.

To, kafin a taɓa kowace takarda, adireshin shafin za a fara dubawa. In an ce na gwamnati ne, sunan ya ƙare da `.gov.ng`, kuma ka duba daidai kafin layin nan mai karkata na farko da ke bayan `https://`. In ka ga `gov.ng` a tsakiya, wani suna ya biyo baya, ba na gwamnati ba ne. Alamar kwaɗon nan kuwa kada ta ruɗe ka, hanya kawai take tsarewa, ɗan damfara ma yana da ita a shafinsa.

Katin ATM, wannan babu dogon zance. Lambar gaba, da ranar ƙarewa, da lambobi ukun da ke baya, sun isa a fara sayayya da kuɗinka. Mai neman turo maka kuɗi lambar asusu guda goma yake buƙata. Shafin da ya nemi hoton kati, rufe shi, har sauran takardun ma kada ka ba shi.

Mu ɗauka shafin na gaskiya ne, bai nemi kati ba. Saura bayanan asusu, kuma nan ne aikin yake. Banki ko mai ba da rance mai rajista cikakku zai so, kada ka rufe komai, zai iya ƙin karɓa. Amma in mai gidan haya ne yake son shaidar adireshi, shafin farko ya ishe shi, ka rufe shige da fice da abin da ya rage a asusun.

Yanzu ku duba allo. Na buɗe PDF ɗin bayanan asusun, na zana baƙin akwati a kan lambar da nake so in rufe. A ido ta ɓace, ko ba haka ba? To, na danna `Ctrl+C`, a'a, afuwan, `Ctrl+A` tukuna, sannan `Ctrl+C`, na liƙa a Notepad. Ga lambar nan ta fito tsaf. Dalili shi ne akwatin zane ne aka ɗora a sama, rubutun yana nan ƙarƙashinsa, kamar an kifa faifai a kan kwano. Wanda ka tura wa zai iya jan akwatin gefe ma.

Abin yi, bayan ka rufe, ɗauki hoton allon, ka tura hoton maimakon fayil ɗin asali. A waya kuma ka zaɓi alƙalami mai kauri, ka bar mai haska rubutu, don shi baƙinsa shara-shara ne. Gwaji: buɗe hoton, ƙure masa haske, ka zuƙo shi. In inuwar lambobi ta fito, sake. Ni dai na fi son yankewa gaba ɗaya, abin da aka yanke daga hoto ba ya tafiya tare da shi. A PDF kuwa yankewa ɓoyewa ce kawai, ku kiyaye.

Takardar NIN, lambobi 11 ne da hotonka da adireshinka. Kafin ka ɗauke ta hoto, yi kwafi, ka rubuta da biro a kansa, karkace: don neman rance a wuri kaza, ranar kaza. Rubutun ya ɗan hau kan bayanan, yadda ba za a yanke shi ba, amma a iya karantawa.

Sai shafi ya ce fayil ya yi nauyi. Nan ne mutane ke rugawa shafukan rage nauyi na kyauta, alhali ɗorawa ce ita ma, takardar ta tafi kwamfutar wani da ba ka sani ba. Rage ta a na'urarka: sikanin a `150 dpi`, baƙi da fari, yana karantuwa. In a kafe ka yi, a Yelwa ne ko Wunti, tsaya a goge a gabanka daga `Downloads`, da `Recycle Bin`, da WhatsApp ɗin mai shagon. Google Drive kuma a bar shi a `Restricted`, ka sa imel ɗin mai karɓa. `Anyone with the link` na nufin duk wanda aka tura wa mahaɗar zai buɗe.

'Yan'uwa ma'aikatan ofis, takardar da ba taku ba, irin jadawalin albashi ko sakamakon gwajin majinyaci, duk dabarun nan ba su halatta muku ɗora ta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, na da ikon cin tara. In babu rubutaccen izinin ofis, ka ce mai nema ya rubuto wa shugabanku wasiƙa.