Fitar da Hoton Kaya da Layin Yanka Domin Buga Kundin Talla

(An rubuta wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ƙara wa juna sani na masu zane a kwamfuta da ma'aikatan ɗab'i a birnin Katsina.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa abokan sana'a, aikin da za mu duba yau shi ne yadda ake raba hoton kaya da abin da ke bayansa ta hanyar zagaye shi da layin yanka, wanda a Photoshop ake kira Clipping Path. Hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, shi kuwa wannan layi lissafi ne ke riƙe da shi, saboda haka komai ƙarfin na'urar da za ta fitar da farantin bugu, gefen kayan zai fito a yanke tsaf. Layin ba ya goge komai daga hoton. Abin da ke cikinsa yana bayyana, abin da ke wajensa yana ɓoyuwa, kuma babu tsaka-tsaki.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan girki ya kawo hoton butar shayi ta ƙarfe, mai mariƙi da dogon baki, wadda aka ɗauka a kan farin teburi, yana so ta fito a shafin da launinsa kore ne mai duhu. Kafin a taɓa layi, a fara duba girman hoton. Bugu mai kyau yana bukatar fiksel 300 a kowane inci, don haka idan butar za ta ci faɗin inci 4 a shafi, wato kimanin santimita 10, to ita kanta butar ta kai fiksel 1200 a faɗi, ba hoton gaba ɗaya ba. Na jaddada wannan ne domin yawancin hotunan da ake turo mana ta WhatsApp an riga an matse su, kuma layi mai kaifi a kan hoto mai dishi-dishi ƙara tona asirin hoton yake yi. A nemi a turo shi a matsayin Document.

Sai a danna P domin ɗauko Pen Tool, a tabbata a saman allo an zaɓi Path, ba Shape ba, sannan a zuƙo hoton zuwa kashi 200 ko 300 cikin ɗari. A nan ne za ku ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan aiki. Gefen butar ba ya ƙarewa farat ɗaya. Akwai fiksel biyu ko uku da launin ƙarfe ya gauraya da farin teburi. Wanda ya bi ta kan wannan gauraye, ko ta wajensa, ba zai ga aibi ba muddin bayan fari ne, amma da zarar an ɗora butar a kan koren shafi, sai wani siririn farin zare ya zagaye ta. Maganinsa shi ne a shigar da layin ciki da fiksel ɗaya ko biyu. Kada ku ji tsoron kuna cin kayan mutane, domin a ma'aunin 300, fiksel ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ido ba zai ga abin da aka rage ba, alhali farin zaren kowa zai gan shi.

Sai batun yawan ɗigogin da ake kafawa a kan layin. Sabon hannu yakan yi ta dannawa kusa da kusa yana ganin hakan ne taka-tsantsan, sai cikin butar, wanda ya kamata ya lanƙwasa sumul, ya fito da ƙananan kusurwoyi kamar yadin da tela ya yanka da guntun almakashi. Ɗigo ana kafa shi ne inda lanƙwasa ta kai iyaka ko ta sauya fuska, a danna a ja, hannuwa biyu su fito, su ne ke juya layin. Da'ira cikakkiya ɗigo huɗu sun ishe ta, to cikin buta bai kamata ya ci ashirin ba. Inda baki ya haɗu da jiki kuwa, akwai kusurwa ta gaske, sai a riƙe Alt a karya hannu ɗaya ya bi sabuwar hanya. Idan ɗigo ya kauce, a riƙe Ctrl a gyara shi nan take, kuma a ƙarshe a koma ɗigon farko a rufe layin.

Abin da aka fi mantawa shi ne ramin da ke tsakanin mariƙi da jikin butar. Idan an bar shi, farin teburi zai zauna a ciki a tsakiyar koren shafi. Ana zagaye ramin da layi na biyu a cikin Path ɗin nan guda, tare da zaɓar Exclude Overlapping Shapes. Ku duba ƙaramin hoton da ke cikin akwatin Paths, inda Photoshop ke jera layukan da aka zana: fari shi ne abin da zai bayyana, toka-toka shi ne abin da zai ɓoyu. Idan kun ga butar ta yi toka-toka, kewayenta ya yi fari, to layin ya juye, kuma a shafi teburi zai fito da rami mai siffar buta.

Layin da aka gama yana ɗauke da sunan Work Path, wanda na wucin gadi ne, sabon zane yana iya maye gurbinsa. A danna shi sau biyu a ba shi suna, sannan daga jerin umarnin Paths a zaɓi Clipping Path a nuna wannan suna. Akwatin Flatness a bar shi babu komai, na'urar maɗaba'a ta yi amfani da nata ma'auni. A mayar da launi zuwa CMYK, wato launuka huɗu na ɗab'i, bisa tsarin da maɗaba'ar ta bukata, a adana a TIFF ko PSD. A InDesign, manhajar shirya shafi, idan yankan bai bayyana da kansa ba, a bi nan:

```
Object > Clipping Path > Options > Type: Photoshop Path
```

Da yawanmu a Katsina da CorelDRAW muke shirya shafi, kuma shawarata ga masu yin haka ita ce su gwada da hoto ɗaya tukuna, su fitar da PDF su duba, kafin su yanka hotuna hamsin. Gwajin da nake yi wa kowane hoto shi ne in ɗora shi a kan baƙi, sannan a kan ainihin launin shafin, in zuƙo in bi gefensa a hankali.

Wani daga cikin mahalarta ya yi tambaya: "Malam, to inuwar da ke ƙarƙashin butar fa, a haɗa da ita cikin layin?"

A'a, ɗan uwa, kada a haɗa. Inuwa a hankali take bajewa, layin yanka kuma bai san a hankali ba, zai datse ta ta zama tabo mai kaifin baki. A yanke butar ita kaɗai, a yi mata sabuwar inuwa a shafi idan ana so. Haka nan jakar fata mai tuntaye, ko labule shara-shara, ko kofin gilashi da ake hango bayansa, duk waɗannan Layer Mask ya fi dacewa da su, domin shi yana iya bayyana rabi ya ɓoye rabi. Ita ma butar tamu, da a kan jan kyalle aka ɗauke ta, jan zai haska a jikin ƙarfen, kuma babu layin da zai cire shi. Sai dai a rage launin da hannu, ko a roƙi mai kayan ya sake ɗaukar hoton a kan fari ko toka-toka.