Tukwicin Shagon Gyaran Gashi: Wajen Jadawali Rigimar Take

[Hoto: hannu yana juye akwatin tukwici a kan tebur bayan an tashi aiki]

Ku dubi akwatin nan. Kwana biyun nan gardama ake ta tafkawa a kansa: wasu na cewa a raba daidai wa daida kowa ya huta, wasu na cewa wadda kwastoma ta miƙa wa ita ce mai kuɗi, magana ta ƙare. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma a ganina duk sun tsallake wurin da gizo ke saƙar.

Bari mu fara da na sauƙi, mu wuce da sauri.

[Hoto: kai a kwanon wanki, sai kujera, sai teburin karɓar kwastoma]

Kai ɗaya, hannu uku ne suka taɓa shi. Wata ta karɓi kwastoma ta rubuta ta, wata ta wanke mata kai, wata ta yi gyaran. Tukwicin kuwa hannun ƙarshe yake faɗawa, don ita ce ke tsaye sa'ad da aka ɗaga madubi kwastoma ta yi murmushi. Shi ya sa shaguna da yawa suke tara kuɗin wuri ɗaya su raba. To amma rabon daidai ma yana da nasa ciwon, don wadda ta yi awa 20 a mako sai ta tashi da abin da mai awa 40 ta samu.

Maganin wannan sananne ne. Kowane aiki a ba shi maki, a ninka makin da awannin da mutum ya yi.

[Hoto: allo, ana rubuta lissafin layi bayan layi]

A ce mutum huɗu ne a shagon. Masu gyara biyu, kowacce maki 3 a awa. Mai wanke kai maki 2. Mai karɓar kwastoma maki 1. Ba saukakke ba ne wannan tsarin, wani shagon zai iya sauya shi, muddin an amince da shi tun kafin a buɗe akwati.

Mai gyara ta farko ta yi awa 40, makinta 120. Ta biyu awa 30, maki 90. Mai wanki awa 35, maki 70. Ta bakin ƙofa awa 20, maki 20. Duka 300 ke nan. A ce abin da ya taru a makon 60,000 ne, da ko wane irin kuɗi kuke aiki. A raba shi gida 300, kowane maki ya kama 200. Sauran a kan allo yake: 24,000, da 18,000, da 14,000, da 4,000.

Har nan babu mai ja. Ku tsayar da bidiyon ku kwafa idan kuna so.

[Hoto: kalandar mako, yatsa yana bin ranakun]

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Na ce "abin da ya taru a makon". Mutane da yawa ba sa jiran mako. Kullum da yamma suke juye akwati su raba da wannan lissafin na maki, suna ganin duk ɗaya ne tunda tsarin bai sauya ba. Ba ɗaya ba ne ko kusa.

Kowane shago yana da ranar da ba masaka tsinke, yana kuma da ranar da za a wuni ana kallon ƙofa. Mu ɗauki ranar cunkoso. Mai gyara ta farko ta yi awa 8, ta biyu an ba ta rabin wuni, awa 4. Mai wanki da ta bakin ƙofa kowacce awa 8. Makin ranar 60. Tukwicin da ya shigo 24,000. Maki ɗaya ya zama 400, wato awa guda ta mai gyara ta kama 1,200.

Sai ranar da kasuwa ta kwanta. Ta biyun ce a shago da mai wanki, kowacce awa 8, maki 40. Abin da ya shigo 3,000 kacal. Maki ɗaya 75, awar mai gyara 225.

[Hoto: 1,200 a gefe guda, 225 a ɗaya gefen, a bar su a allo na ɗan lokaci]

Ku ƙara duba lambobin nan. Gwaninta ɗaya, maki ɗaya, amma awar wannan ta ninka ta waccan fiye da sau biyar. Ba wanda ya saci ko sisi, lissafi kuma bai yi kuskure ba. Wanda ya rubuta jadawali shi ya raba kuɗin tun kafin kwastoma ta farko ta shigo. Idan kullum mutum ɗaya ce ke samun cikakken wunin ranar cunkoso, don ita ce ta daɗe a shagon ko don jininsu ya haɗu da mai shago, to ƙarin albashi ake yi mata a kaikaice, sauran kuwa suna gani ko ba su furta ba.

Idan aka tara na mako gaba ɗaya, wannan bambancin ya tafi. Awar mai gyara 600 ce, ko ranar cunkoso ko ranar zaman kashe wando.

Na san akwai wadda take ta girgiza kai yanzu, kuma tana da gaskiya. Ita ce ta wuni a tsaye ranar cunkoso, kai bayan kai, ƙafa ta kumbura, yatsu sun sage. Ta yaya za a ce awarta daidai take da ta wadda ta wuni tana latsa waya? Haka ne. Rabon mako ya toshe wata ƙofa ya buɗe wata. A da ana rububin ranar cunkoso, yanzu gudun ta za a riƙa yi.

Kuma da haka ne ma mai shago za ta gane ciwon da ke damun shagonta ba tare da ta tambayi kowa ba. Idan ana cacar baki a kan wa za a sa ranar cunkoso, rabon kullum ne ke cin wasu. Idan kuwa ranar cunkoso ce ciwon kai ke kama mutane da sassafe, ciwon da ba ya zuwa sai ranar, to rabon mako ne ba a haɗa shi da karɓa-karɓa ba.

[Hoto: jadawalin mako huɗu, launuka suna zagayawa]

Ni dai abin da na fi yarda da shi: a tara na mako, sannan ranakun wuya su riƙa zagayawa. A zana jadawalin mako huɗu. Wadda ta yi cikakken wunin cunkoso wannan makon, rabin wuni za ta yi mako mai zuwa. Haka buɗe shago da rufe shi, don rufewar nan da shara da wankin tawul aiki ne da ba kwastomar da ke gani balle ta ba da tukwici. A ƙarshen wata a ƙirga: kowa sau nawa ta yi cunkoso, sau nawa ta rufe. Idan tazarar ta wuce kwana ɗaya ko biyu, a gyara a watan gaba. Idan shagon ƙarami ne har ya zama dole kowa ta zo ranar cunkoso, to ranakun hutu ne za su zagaya.

A kafe jadawalin aƙalla mako biyu kafin lokaci. Musaya tsakanin ma'aikata ba laifi, amma a rubuta ta, don awannin da aka yi a zahiri ake ninkawa da maki, ba waɗanda aka tsara ba.

[Hoto: littafin rijistar kwastoma, an ja layi a wani gurbi]

Sai hutu. Nan ba mu da hotuna da yawa, don ba wanda ke son a ɗauke shi yana miƙe ƙafa, sai ku yi haƙuri da muryata.

Hutun da ba a rubuta a littafi ba, ba hutu ba ne, fata ne kawai. "Idan kin samu sarari ki ɗan zauna" magana ce mai daɗi, amma ranar cunkoso sararin ba ya zuwa. A toshe gurbin a littafi kamar yadda ake toshe na kwastoma, minti 30 a tsakiyar wuni, ɗaya bayan ɗaya don kada shago ya zama fayau. Kuma minti 30 ko 40 ɗin da rini ke ɗauka kafin ya kama kai, kada a ƙirga shi a hutu. Idon mai gyara na kan agogo, tana leƙa launi, sau da yawa ma an riga an zaunar mata da wata a kujerar gefe.

Wadda aka fi mantawa ita ce mai wanki. Masu gyara biyu suna hutawa bi da bi, ita kuwa duk wadda ke aiki ita take yi wa hidima, sai ta wayi gari ba ta da gurbi ko ɗaya. Sunanta za a fara rubutawa.

Hutu kuma yana taɓa lissafinmu. Idan ana cire lokacin hutu daga awannin maki, kun koya wa mutane su ƙi hutawa, don duk mintin da suka zauna kuɗi ne ya zube. Gara a ƙirga wunin gaba ɗaya har da hutun, ga kowa da kowa.

[Hoto: waya, na'urar kati, da akwati a jere]

Sauran da gudu. Tukwicin da ya shigo ta kati ko ta waya a rubuta shi nan take a takarda ɗaya da na hannu, don shi ne wanda ido ba ya gani, zargi kuma daga nan yake tsirowa. Mutum biyu su ƙirga akwati, su sa hannu. Kwastomar da ta ce "wannan naki ne ke kaɗai", ku yanke hukuncinta tun yau a rubuce: ko ya shiga akwati duka, ko ta riƙe amma ta fitar wa mai wanki wani kaso da aka tsayar. Kowanne aka zaɓa yana aiki. Wanda ba ya aiki shi ne a bar shi sai ranar da abin ya faru.

Mai shago fa, tana da kaso? A wasu ƙasashen doka ta riga ta amsa. A Amurka tun 2018 an hana masu wurin aiki da manajoji riƙe tukwicin ma'aikata. A Birtaniya dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2024 ta ce a miƙa shi duka ga ma'aikata, a kuma ajiye tsarin rabon a rubuce. Kowa ya duba dokar inda yake. Ra'ayina kuwa, hannun da ke rubuta jadawali bai kamata ya shiga akwati ba, kuma kun ga dalili a lambobin ɗazu.

[Hoto: a koma kan 1,200 da 225, sannan kyamara ta matsa kan jadawalin da ke manne a bango]

Ku ɗauko jadawalinku na watan jiya, ku ja layi a ƙarƙashin ranakun cunkoso, ku ƙirga sunan wa ya fi fitowa.